Salular Nomau da Ruwan Gishirin Tegidda

A tashar motocin Agadas, in ka tambayi direban da ya fi kowa tsoro, ba za a yi maka gardama ba, Nomau za a nuna maka. Ga shi dogo, ga faɗin kafaɗa, ga murya, amma mutumin nan ba ya tayar da mota sai ya zagaye ta ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya leƙa ƙasa, ya sake zagayowa kamar an ce masa wani abu ya canja tun zagayen farko. Abokan aikinsa suna tsokanarsa, suna cewa da akwai hali da sai ya ɗauki rijiya ya ɗaure a bayan mota. Yana jin su, ba ya ko murmushi. Shi abin bai taɓa zama abin dariya gare shi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mahaifinsa direban babbar mota ne a kan hanyar Bilma, tun Nomau yana ƙarami. Wata shekara motar ta lalace a wurin da ba kowa, ruwa ya ƙare kafin taimako ya iso. Waɗanda suka samo gawar sun ce bidon ruwan, wato jarkarsa, yana rungume a ƙirjinsa, ba ko ɗigo a ciki. Uwarsu ba ta daɗe ba ta bi shi. Yayarsa Fatouma ce ta riƙe shi, ita ta yi masa wanka, ita ta dake shi, ita ta kai shi wajen wani makanike ya koyi aiki. Da aure ya kai ta Tegidda-n-Tesum, garin gishiri da ke can bayan Ingal, sai ta zauna can, ta koyi aikin ramukan gishiri kamar 'yar gari. Ko da mijinta ya rasu ta ƙi dawowa, ta ce hannunta ya saba.

Saboda ita ne Nomau ya zaɓi wannan hanya da ya samu motar kansa, wata tsohuwar katkat, irin mai ja da tayoyi huɗu, mai buɗaɗɗen baya. Yana ɗaukar gero, sukari, shayi da sabulu daga Agadas, ya bi ta Ingal ya kai Tegidda, ya dawo da gishirin dabbobi. Yana da doka guda wadda ba ya karya wa kowa: ruwan hanya na sha ne. Ba a wanke fuska da shi, ba a ɗauraye kofi da shi, shi kansa taimama yake yi in lokacin salla ya same shi a daji. Fasinjan da ya zubar da ragowar ruwa a ƙasa, to ranar zai ji abin da bai taɓa ji ba daga bakin mutum mai haƙuri.

Hanyar Tegidda daga Ingal ba kwalta ba ce. Fili ne shimfiɗaɗɗe na yumɓu, sawun tayoyi ne kawai ke nuna maka inda mutane suka bi. Da rani ba wuya. Amma da ruwan farko ya sauka, sawun ya shafe, ƙasar ta zama laka mai kama taya ta ƙi saki. Wannan ne ya sa Nomau ya shiga kasuwa neman salular da za ta riƙe masa taswira ko ba rezo, wato sabis na waya, ta ajiye masa duk hanyoyin da ya taɓa bi, har da na zagaye, waɗanda ke bi ta kan tsakuwa.

Wajen Mourtala ya je, mai sayar da salula da gyaranta a wata rumfa kusa da tasha. Mourtala mutum ne mai yawan bayani, irin wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya soma maka da yadda ake ƙera agogo. Ya ɗauko kwali ya nuna masa wani rubutu a gefe, IP68.

"Ka ga waɗannan lambobi biyu, Malam Nomau? Ta farko ta ƙura ce, shida kuma ita ce ƙarshe, ƙura ba ta samun hanyar shiga cikinta. Ta biyu ta ruwa ce. Takwas na nufin an nutsar da ita, zurfi da lokaci kuma masu ƙera ta ne ke faɗa. Wannan sun ce mita ɗaya da rabi, na rabin awa."

"Wato ruwa ba ya shigarta," in ji Nomau.

"Tsaya mana, ban gama ba. Ruwan da suka gwada ta da shi ruwa ne mai daɗi, mai tsabta, yana kwance ba ya motsi, ita kuma sabuwa fil daga masana'anta. Ba su ce ruwan zafi ba, ba su ce tururi ba, ba su ce ruwan sabulu ko shayi ko esansi, wato fetur, ba, ba su ce ka tara ta a bakin tiyo mai ƙarfi ba. Ruwan gishiri kuwa shi ne babban abokin gabarta. In ta faɗa wani abu irin wannan, ka kashe ta nan take, ka ɗauraye ta da ruwa mai daɗi, ka bar ta a inuwa ta bushe, kada ka kusantar da ita da caji. Kuma ka sani, in ruwa ya shiga, garanti ba ruwansa."

Nomau yana gyaɗa kai, amma gaskiyar magana tun a wajen "an nutsar da ita" kunnensa ya tsaya. Mutumin da ya shekara arba'in yana tsoron komai, ranar ya samu abu ɗaya da aka ce masa ba sai ya ji tsoro a kansa ba, ya kuwa riƙe wannan da hannu biyu. Ya biya, ya sa ta a aljihun gaba, ya fito yana jin kamar an sauke masa kaya.

Salular ta yi masa aiki, ba za a ci amanarta ba. Ruwan sama ya dake ta, ba ta ce uffan ba. Ta faɗa bokitin wankin matarsa Ramata, aka tsamo ta tana ta kiran salla abinta. Yashi dai ya kakkarce gilashin, ya kuma riƙa cushe ramin caji har sai ya sa tsinke ya ƙwaƙulo, domin lambar shida ta hana ƙura shiga ciki ne kawai, ba ta hana yashi yin ɓarnarsa a waje ba. Ya shekara biyu da ita a kan gaban mota, rana tana gasa ta. Sai wata rana ta suɓuce ta faɗi a kan dutse, gilashin ya tsage. Mourtala ya canja masa wani, ya shafa gam ya matse, ya miƙo masa yana cewa:

"Daga yau ka ɗauka lambar nan ta ruwa ba ta nan. Abin da ke tare ruwa gam ne da 'yan robobi sirara, zafi da faɗuwa da tsufa suna cinye su. Ni kuma na buɗe ta, gam ɗina ba irin na masana'anta ba ne."

"Amma ai rubutun yana nan a kwali," in ji Nomau.

"Kwalin ne ruwa ba zai shiga ba," in ji Mourtala, ya juya ga wani mai saye.

A ƙarshen bazarar bana saƙo ya zo daga Tegidda cewa Fatouma ba ta da lafiya. Dama tana da ciwon sukari. Ta taka wani abu mai kaifi a bakin rami, ciwon ya ƙi warkewa, ita kuma ta ci gaba da shiga lakar gishiri da shi don ta kwashe abin da ya rage kafin ruwa ya sauka ya lalata aikin shekara. Nomau bai jira lodi ya cika ba, ya kama hanya.

Abin da ya tarar ya sanyaya masa jiki. Ƙafar hagu ta kumbura har idon sawu, yatsu biyu sun soma baƙi, ga wani wari da tsumman da aka ɗaure bai iya ɓoyewa ba. Jikinta zafi rau. Ma'aikacin ɗakin shan magani na garin ya wanke ciwon, ya ja Nomau gefe ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai ta babban asibitin Agadas yau yau, kada a kwana.

"Yaya, tashi mu tafi," in ji Nomau.

"Gishirina yana bakin rami," ta ce. "In ka bar shi ruwa ya cinye, gara ka bar ni tare da shi."

Wanda ya san Fatouma ya san gardama da ita ɓata lokaci ne. Ya ja mota zuwa wajen ramukan. Wuri ne mai ɗaruruwan ƙananan ramuka kusa da kusa, wasu ja, wasu ruwan ƙasa, wasu sun yi farin ɓawo a sama. Mata suna kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan marmaro mai zartsi, su tace su zuba a ramukan, rana ta shanye ruwan ta bar musu gishiri. 'Yar Fatouma, Indo, da maƙwabtanta suka taya shi lodi. Yana sunkuyawa zai ɗauki kwandon ƙarshe, sai salular ta zame daga aljihunsa ta faɗa cikin ramin da ya kusa nuna, ruwan nan mai kauri wanda in ya taɓa maka ƙaramin rauni sai ka yi tsalle.

Mata suka yi salati. Nomau kuwa, karon farko a rayuwarsa, shi ne wanda bai firgita ba a cikin taro. Ya naɗe hannun riga, ya laluba ya tsamo ta, ya danna. Ta kawo haske.

"Kada ku damu, ruwa ba ya shigarta," ya ce.

Maganar Mourtala ta faɗo masa a rai, ba za a ce bai tuna ba. Ya dubi bidunan ruwansa a bayan mota, cike, a ɗaure. Kofi guda ya isa. Amma ruwan hanya ne, ga marar lafiya zai ɗauka. Kuma a Tegidda ruwan sha daga nesa ake kawo shi a kan jakuna, matan nan da ke tsaye suna auna shi kamar mai. Ya kwance bido a gabansu ya tsiyaya ruwa mai daɗi a kan ƙarfe da gilashi? Hannunsa ma ba zai yarda ba. Kashe ta kuma bai ga dalili ba, tunda ga ta tana aiki. Sai ya goge ta da gefen rawaninsa.

"Kawu, ɗora ta a rana," in ji Indo. "Nan da nan za ta bushe."

Ya ɗora ta a kan kapon mota, murfin injin nan, ƙarfen yana zafi kamar tanda, suka tafi ɗauko Fatouma. Duk waɗanda ke wurin sana'arsu ke nan, sun fi kowa sanin abin da ke saura in rana ta shanye ruwan zartsi, amma ba wanda ya kawo hakan a ransa. Ruwan ya tafi, gishirin ya zauna a ramin caji da ramukan lasifika. Wanda kuma ya riga ya sulala ta gefen sabon gilashin, inda gam ya saki, yana can ciki a kwance kan wayoyi masu wuta.

Da aka kwantar da Fatouma a kujerar gaba, Indo ta miƙo ƙaramar salular uwarta mai maɓallai ta ce su tafi da ita.

"Riƙe ta," in ji Nomau. "Da me za mu kira ki in mun isa? Tawa ta ishe mu."

Sun bar gari da hantsi. Ba su yi nisa ba ya ga batir ya yi ƙasa, ya jona ta da cajin mota. Sai wani rubutu ya fito da alamar ɗigon ruwa, wai akwai danshi a ramin caji, ta ƙi karɓa. Ya cire ya duba, ya ga wani farin gari a bakin ramin. Ya hura, ya sake jonawa. Ta sake ƙi. Gishiri yana jan danshi daga iska, kuma wuta tana bi ta cikinsa, don haka ita salular gaskiya take faɗa, ramin bai bushe ba. Shi kuwa ya dinga cirewa yana turawa, yana murza kan wayar da ƙarfi, kowane turawa yana ƙara cusa gishirin a kan 'yan haƙoran tagulla da ke ciki. A nan ne gabansa ya soma faɗuwa.

Gabas ta yi duhu. Hadarin farkon damina ne, irin wanda ke turo jan ƙasa a gabansa kafin ruwa. Cikin ɗan lokaci rana ta ɓace, sama da ƙasa suka zama launi ɗaya. Da iskar ta lafa aka yi yayyafi, sai ya ga abin da yake gudu: a gabansu an riga an yi ruwa mai yawa, filin ya yi sheƙi, sawun tayoyi ya shiga cikin ruwa bai fito ba. Hanyar da kowa ke bi ta rufe.

Ba yau ya fara ganin haka ba. Akwai hanyar zagaye ta kan tsakuwa, ya taɓa bin ta, tana cikin salula, jan layi a kan taswira. A tsakiyarta kuma akwai wani ɗan tudu inda rezo ke kamawa, daga nan zai kira abokinsa Rabi'u a Ingal ya sa a shirya motar asibiti. Ya ɗauko salular ya buɗe taswira. Layin ya fito. Ya karkata mota ya bi shi, ido ɗaya a ƙasa, ido ɗaya a gilashi.

Sai taswirar ta soma motsi da kanta. Ta matsa hagu, ta buɗe, ta rufe, kamar wani yatsa da ba a gani yana wasa da ita. Wani koren layi ya tsaga fuskar daga sama har ƙasa. Ya juya bayanta, ya ga gilashin kamara ya yi hazo daga ciki. Ya ce innalillahi. Ya tsayar da mota, ya riƙe ta da hannu biyu yana ƙoƙarin haddace inda layin ya lanƙwasa, amma idonsa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ta yi ɗumi a tafinsa, ta yi fari, ta ɗauke.

Ya danna. Ya sake dannawa ya riƙe. Ya jona caji, ya buga ta a cinya, ya yi mata magana kamar mutum. Ba komai.

"Me ya faru?" in ji Fatouma, idonta a rufe.

"Ba komai, Yaya. Taya nake dubawa."

"Kai da ba ka iya ƙarya ba tun kana yaro."

Ya fita ya hau saman lodin gishiri ya duba ko'ina. Ba itace, ba dutse, ba rana da zai gane gabas da ita. Kowane gefe kamar ɗan'uwansa. Shekara biyu yana bin jan layi, bai ƙara kula da 'yan alamun da yake riƙewa a ka ba a da, wani farin fili, wani ƙashin raƙumi, wani wurin da ƙasa ke canja launi. Tsoron da ya yi ta tarewa duk rayuwarsa da bidunan ruwa da tayoyin ajiya ya zo ya same shi a tsaye a kan gishiri.

Ya sauko ya zaɓi gefen da yake zaton nan ne kudu, ya ja mota. Ya yi tafiya mai nisa a kan tsakuwa, har ya fara cewa ko Allah ya sa ya dace. Sai tsakuwar ta ƙare ba sallama. Ƙasar da ke gaba ta yi kama da busasshiya, ashe ɓawo ne kawai. Motar ta nutse har ciki, tayoyi suka yi ta juyawa suna watsa laka, lodin gishiri yana ƙara danna ta.

Ya yi duk abin da direba ke yi. Ya sauke gishirin Fatouma ya jibge a gefe, ya rage iskar tayoyi, ya haƙa da shebur, ya tura farantan ƙarfe a ƙarƙashin tayoyi. Lakar tana komawa ramin kafin ya ɗaga shebur na gaba. Tsakanin haƙa da haƙa yana leƙa Fatouma. Kumburin da ya bari a idon sawu ya hau ƙwauri, wani ja ya bi shi sama. Ya riƙa ɗaga kanta yana ba ta ruwa. Ruwa kam akwai, har ya yi yawa. Ya dubi bidunan nan cike, ya tuna kofi guda da ya hana.

Da yamma ta soma sambatu. Ta kira shi da sunan mahaifinsu. Ta ce a rufe ramuka hadari ya taso. Can ta dawo hayyacinta, ta kama hannunsa, tafinta kaushi kamar dutsen niƙa.

"Nomau, tsoro kake ji?"

"Ina ji, Yaya."

"Ni ma," ta ce.

Wannan kalma ta fi komai razana shi. Bai taɓa jin ta daga bakinta ba, ko ranar da aka kawo labarin mahaifinsu.

Nan suka kwana. Washegari gari ya waye tas, rana ta fito daga inda bai zata ba ko kaɗan, ya gane yamma ya yi ta nausawa, nesa da duk inda mota ke bi. Ya cire tayar ajiya ya zuba mata gazuwal, man motar, ya cinna wuta, baƙin hayaƙi ya miƙe sama. Ya zauna a inuwar mota yana kallon ƙirjin yayarsa yana hawa yana sauka, duk lokacin da numfashin ya yi jinkiri sai nasa ya tsaya. Ya yi tunanin tafiya da ƙafa, ya tuna ba a barin mota, ya kuma tuna ba zai iya barin ta ita kaɗai ba ko da ana bari.

Bayan azahar wani makiyayi da ke neman wurin da ciyawa ta fara tsirowa ya ga hayaƙin, ya zo a kan moto, wato babur. Ya leƙa motar, ya ga ƙafar. Fatouma ba ta iya zama a moto, don haka ya karɓi lambar Rabi'u, wadda Allah ya taimaka Nomau ya haddace tun zamanin da ba ya dogara da salula, ya tafi neman tudun rezo. Sai da gari ya sake wayewa Rabi'u ya iso da mota, domin shi ma laka ta sa shi dogon zagaye. Suka bar katkat da gishirin a wurin.

A asibitin Agadas likita ya kwance tsumman, ya duba, ya danna ƙwaurin, ya ce a shirya ɗakin tiyata. Ya ce wa Nomau rai ake nema yanzu, ƙafar daga ƙasan gwiwa ba ta ceto. Fatouma ba ta san inda take ba, Nomau ne ya sa hannu a takarda.

"Lokotoro," Nomau ya ce wa likitan, "da shekaranjiya muka iso fa?"

Likitan ya ce, "Wataƙila yatsu kawai za mu cire. Wataƙila kuma haka ɗin ne dai. Ba zan iya rantse maka ba."

Da an ce masa e, da ya san abin da zai ɗauka. Da an ce a'a, da ya huta. Aka bar shi a tsakani.

Zaman jira ya gagare shi. Ya bar Ramata a bakin ƙofa, ƙafafunsa suka kai shi rumfar Mourtala ba tare da ya yi niyya ba. Ya ajiye salular a kan tebur. Mourtala ya riga ya ji labari, duk tasha ta ji. Ya ɗumama gefen gilashin, ya sa wata 'yar wuƙa ya ɗaga, gilashin ya taso ba gardama. Ciki ya yi fari da kore kamar tsohuwar tukunyar tagulla. Haƙoran ramin caji sun yi baƙi, wasu sun cinye.

"Ta nan ya shiga," in ji Mourtala, ya nuna kusurwar da gam ya saki. "Gishiri da wuta in suka haɗu, cin ƙarfe suke yi."

"Da na kashe ta, na ɗauraye ta?"

"Na waje zai fita, ramin caji zai tsira. Na ciki, tunda ya riga ya shiga, sai an buɗe. Amma da a kashe take, ba wuta a jikinta, da wuya ya cinye ta da wuri haka. Mai yiwuwa da ka kunna ta a inda kake bukata ta kai ka."

Mourtala ya buɗe baki zai ƙara bayani, ya dubi fuskar Nomau, ya rufe. Mutumin da ba ya gajiya da magana, ranar bai ce ai na gaya maka ba. Ya tambaya ko a gwada ceto abin da ke ciki. Nomau ya girgiza kai ya fita.

Nomau bai bar tuƙi ba, iyali suna cin abinci. An janyo motar bayan ƙasa ta bushe. Abokan aikinsa dai sun daina tsokanarsa, shi kuma hakan ya fi masa ciwo. Fatouma tana gidansa yanzu a tsohon gari, Indo ce ke riƙe da ramukan. Amma in ka zauna da shi ya yarda ya ba ka labarin nan, ba a laka yake tsayawa ba, ba kuma a rumfar Mourtala ba. A ɗakin asibiti yake tsayawa, da la'asar ɗin ranar da aka yi aikin.

Ya dawo ya tarar an fito da ita, tana barci, an lulluɓe ta da zane. Ramata ta ce likita ya ce zazzaɓin zai sauka, za ta rayu. Ba wanda ya gaya mata abin da aka yi, don ba ta farka ba tukuna. Nomau ya zauna a gefen gado yana shirya kalmomin da zai fara da su, kowace ya ɗauko sai ya ga ba ta yi ba.

Can ta buɗe ido. Ta dubi rufin ɗakin, ta dubi Ramata, ta dube shi, ta gane shi.

"Mun iso?" ta ce.

"Mun iso, Yaya."

"Alhamdulillahi." Ta lumshe ido, ta sake buɗewa. "Nomau, ƙafar nan ta hagu sanyi take ji, yatsun kamar an sa su a ruwa. Rufe mini ita."

Ramata ta juya fuska ga bango. Nomau ya miƙe, ya cire rawaninsa, ya ninka shi, ya shimfiɗa a ƙarshen gadon, inda zanen ya kwanta ba komai a ƙarƙashinsa. Ya gyara gefe da gefe.

"Yauwa," in ji Fatouma. "Allah ya yi maka albarka."